Litinin: maganar wa'adin Alhamis

Da safiyar yau, a taron mako, shugaban sashenmu ya sanar cewa takardun tambayoyi 1,200 da aka kawo daga ƙauyuka dole mu gama shigar da su kwamfuta zuwa yammacin Alhamis. Na san ba za su ƙare ba, amma na kame bakina, domin wanda aka musanta wa magana a gaban yaransa girmansa zai tsaya karewa, ko da ya ga gaskiya.

Da na koma teburina sai na sa agogo na auna takardu 10. Kowacce tana cin minti 8 idan aka haɗa da sake dubawa, wato mutum ɗaya yana yin kimanin 50 a awa 7. Mu uku ne, saboda haka 150 a rana, 450 daga Talata zuwa Alhamis, aikin duka kuwa kwana 8 yake bukata. Na rubuta wannan a rabin takarda.

Bayan sallar Azahar na same shi shi kaɗai, na yi sallama, na nemi minti biyar. Na guji kalmar "ba zai yiwu ba", domin a kunnen shugaba tana kama da "ba zan yi ba". Na ce, "Yallaɓai, na yi wani lissafi kan aikin nan, ina roƙon ka duba mini ko na yi kuskure." Ya sa tabarau, ya bi layukan da bakin biro, ya tambaya ko ba za a rage minti 8 ɗin ba. Na ce za a rage idan aka bar sake dubawa, sai dai kurakuran za su shiga rahoton da zai sa wa hannu.

Nan na yi tuntuɓe, domin na ƙara da cewa haka ta faru a watan jiya. Ya ajiye biron, fuskarsa ta canza, na gane ya ji kamar tuhuma ce. Na yi maza na koma kan takardar, na ce hanya biyu nake gani, zaɓi kuma nasa ne: ko a aro mana mutum 5 mu zama 8 mu gama ranar Alhamis, ko mu miƙa 450 ranar, sauran 750 kuma Alhamis ta sama.

Ashe shi ma daga sama aka yanka masa ranar, kuma alƙaluman ƙananan hukumomi biyu kawai ake so a gani a wani zama, takardunsu ba su kai 400 ba. Ya ce mu fara da su. Kafin tashi na aika masa gajeren saƙo ina maimaita abin da ya yanke, ya amsa da "Na gani". Sai a hanyar gida na tuna ban cire lokacin sallar Juma'a a lissafin 750 ɗin ba, gobe sai na sake komawa.