Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Layin da Aka Bari Babu Rubutu

A makon jiya na tsaya ne a inda Abban yara ya tafi Amurka ƙaro karatu a 2022, ya bar ni a Birnin Kebbi da yara biyu da aikin asibiti. Yarjejeniyarmu ita ce zan bi shi daga baya, amma na ce masa ba zan je in naɗe hannu ba. Shekara biyar na yi ina karatun digirin jinya, na kuma yi shekaru ina tsaye a kan marasa lafiya, don haka ina son lasisin nas na can.

Kuɗina na farko a banza suka tafi, kuma da hannuna na zubar da su. Wani mai shagon cike fom da muke zuwa wurinsa ya ce mini duk mai son a gane digirinsa a Amurka sai ya bi ta WES, wata cibiya mai tantance takardun karatun da aka yi a wasu ƙasashe. Ban tambayi kowa ba na biya. Rahoto ya fito tsaf, ya ce digirina daidai yake da digirin farko na can. Na tura wa Abban yara ina murna. Bayan kwana biyu ya kira ni da dare, ya ce, “Maman yara, na karanta ƙa'idojin hukumar nas-nas ta jihar nan, ba su ambaci wannan rahoton ba.”

A daren na gane cewa Amurka ba ta da lasisin jinya guda ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Jarrabawar ɗaya ce, NCLEX-RN, amma kowace jiha da hukumarta, kuma hukumar ce ke faɗin wanda ta yarda ya tantance takardun baƙo kafin ta ba shi izinin zama jarrabawar. Rahoton da na saya ba shi da aibi, yana amfani wurin neman gurbin karatu ko wani aikin. Tambayar da ya amsa ce ba ita hukumar ke yi ba. Shi ya duba matakin digirin ne. Hukumar kuwa so take ta san awa nawa na zauna a aji, awa nawa na tsaya a ɗakin marasa lafiya, a kowane fanni daban. Wannan aikin, a jihar da muke nema, CGFNS ke yin sa, wata cibiya da ke Philadelphia tun 1977, wadda a 2025 ta koma amsa sunan TruMerit. Rahoton da ake buƙata sunansa CES Professional Report. Duk 'yar'uwar da ke karanta wannan, kafin ki fitar da ko dala ɗaya, ki fara zaɓar jiha, ki karanta abin da hukumarta ta rubuta da idonki.

A watan Janairun 2023 na buɗe sabuwar buƙata. Wa'adinta wata goma sha biyu ne, in takardu ba su cika a ciki ba sai an sake biyan kuɗi. A lokacin gani nake shekara guda ai ta yi yawa.

Abu biyu ne manya da suke jira, kuma babu wanda aka yarda ya bi ta hannuna. Na farko tabbacin lasisina, wanda Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Najeriya za ta aika musu kai tsaye. Nawa ya tafi kafin hukumar ta fitar da sababbin sharuɗɗa a Fabrairun 2024, don haka mai nema yanzu ta duba abin da ake ciki a yau, kada ta dogara da labarina. Na biyu cikakken sakamakon karatuna daga jami'a, haɗe da wani fom nasu da makaranta za ta cike. Idan ta gidan waya za a aika, ana sa su a ambulan ɗin makaranta, a manne, a buga hatimi a kan bakin. Kofin da ke cikin akwatina, komai kyansa, ba ya shiga lissafi.

Na tafi jami'ar a Fabrairu, daidai lokacin da takardun naira suka ɓace daga hannun jama'a saboda canjin kuɗi. Kuɗin motar ma Inna ce ta kwance mini daga bakin zane, cikin cinikin shinkafarta. Ta ce, “Ke ɗiyata, takardar da kika sha wuya kika samo, ita ce kuma sai an je an shaide ta?” Na ce, “Inna, su can ba su san makarantarmu ba, sai an gaya musu abin da aka koya mana.” Na biya abin da ake biya a ofishin sakamako, na miƙa fom, na dawo gida hankali kwance.

A watan Mayu saƙo ya bayyana a shafina cewa takardun makaranta sun iso amma ba su cika ba. Sai da na koma na roƙi a nuna mini kofin da aka ajiye a fayil sannan na ga inda gizo ke saƙa.

Fom ɗin yana da layuka, kowane fanni da nasa. Manyan su ne jinyar manya ta ɓangaren magani, jinyar manya ta ɓangaren tiyata, uwa da jariri, yara, sai lafiyar ƙwaƙwalwa. Gaban kowane layi akwai gurbin awannin aji da gurbin awannin aiki a asibiti. Wanda ya cike nawa ma'aikacin ofis ne, ba malamin jinya ba, kuma abin da ke gabansa shi ne sakamakona, wanda da yunit aka rubuta shi, ba da awa ba. Saboda haka a gurbin awannin aji na lafiyar ƙwaƙwalwa sai ya rubuta 3, wato yunit uku. Mai karantawa a can zai ga awa uku ne kacal a shekara biyar. Gurbin asibiti kuwa ya bar shi fayau, domin a sakamakonmu duk fostin ɗin shekara, wato zaman koyon aiki a ɗakunan asibiti, a dunƙule yake ƙarƙashin kwas guda, babu inda aka rubuta wane ɗaki muka je.

Abin ya yi mini ciwo, domin wannan fostin ɗin na fi tunawa a duk karatuna. Mako shida muka yi a asibitin masu taɓin hankali. Na san warin ɗakin, na san matar da ba ta cin abinci sai na zauna kusa da ita. Amma mai tantancewa ba ya ganina, takarda yake gani, kuma gurbin da babu rubutu a wurinsa daidai yake da ban taɓa zuwa ba. Da a ce rahoto ya fita da wannan giɓin, hukumar jihar na iya cewa sai na shiga wata makarantar jinya a can na cike fannin, aji da asibiti, kafin a bar ni in zauna jarrabawa.

Na nufi sashenmu na jinya, wurin malamar da ta kai mu fostin a aji huɗu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Ranki ya daɗe, matsala ce ta kawo ni.” Ta karɓi kofin, ta ɗan jima tana dubawa, sannan ta ce, “Littafin fostin ɗinki yana nan?” Allah Ya sa yana nan. Inna ta adana shi cikin kwalla tare da takardun gona, bangon ya ɗan ci danshi amma sa hannun shugabannin ɗakuna duk ana karantawa.

Mun kwashe yini biyu a ofishinta, ita da kundin manhajar shekararmu da jadawalin fostin, ni da littafina. Lissafin aji ya zo da sauƙi. A tsarin jami'o'inmu yunit ɗaya na lacca awa ɗaya ce a mako har mako goma sha biyar, don haka yunit uku awa 45 ke nan. Na asibiti ne ya ɗauki lokaci. Mako shida, kwana biyar a mako, awa takwas a rana, ya ba da awa 240. Har na fara murmushi, sai ta ɗora yatsa a kan layin ta ce in karanta shi da kyau. An rubuta cewa ban da cututtukan jijiyoyi. Mu kuwa mako guda cikin shidan a ɗakin masu farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki muka yi shi. Ta cire awa 40, ta rubuta 200.

Na ce, “Malama, ai duk asibiti ɗaya ne.” Ta ce, “Asibiti ɗaya, layi daban. Hatimin sashen nan zai hau takardar, ba zan sa abin da littafinki bai nuna ba.” A lokacin na ji haushi kaɗan, amma gaskiyarta ce. Awannin ba su ɓata ba, ta mayar da su layin da ya dace da su. Haka ta yi a fannin uwa da jariri, inda fom ɗin ya ce ban da cututtukan mata: kwanakin ɗakin haihuwa da awon ciki da na masu jego suka zauna, sauran suka fita. Fom ɗin da kansa ya ce kada a haɗa fanni biyu a layi ɗaya, in kuma a haɗe aka koyar da su, makaranta ta ƙiyasta rabon kowanne. Wannan ƙiyasin aikin malamai ne da suka san manhajar, shi ya sa nake ganin ya kamata fom ɗin ya fara sauka a sashe kafin ya je ofishin sakamako.

Ana cikin haka sai batun suna ya taso, ciwon da kusan duk ɗan Arewa ke da shi. A takardar sakandare sunana da na mahaifina ne kawai, a digiri an ƙara sunan garinmu, a fasfo kuma an rubuta sunan mahaifina da wasu haruffan. Wannan bai ja dogon lokaci ba. Na yi takardar rantsuwa a kotu cewa duk mutum ɗaya ce, na aika musu.

Shugaban sashe ya sa hannu, fom ya koma ofishin rajistara, aka buga hatimi, makaranta ta aika da kanta a ƙarshen Yuli. Wannan karon ban bar garin ba sai da na karɓi lambar bin saƙo, na kuma ɗauki hoton kowane shafi kafin a manne ambulan.

Rahoton ya fito a watan Oktoba, saura wata uku wa'adina ya cika. Ina dutin dare lokacin da na buɗe shi a waya, tsakanin zagayen ƙarfe biyu da na huɗu. Ya ce karatuna ya yi daidai da na nas mai digirin farko a can, ya jera fannonin da awanninsu, ga 45 ga 200 a layin da a da babu komai sai 3. Ba lasisi ba ne, kuma bai ba ni izinin jarrabawa ba. An dai tura shi ga hukumar jihar, ita ke da ta cewa. Da asuba na kira malamata na shaida mata, sannan na kira Inna.

Amsar hukumar ta zo bayan mako bakwai, da wani sharaɗi a kan Turanci da ban yi tsammani ba. Daga nan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.