Abin da nake rubuta wa maigida, da abin da ke zama a aljihun teburina

Ƙaramin asibitin kula da lafiyar ma'aikata nake da shi a Garwa, ni da malaman jinya biyu. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta wajabta wa kowane kamfani ya tanadar wa ma'aikatansa kulawar likita, don haka ƙananan kamfanonin da ba su da likitan kansu suke ƙulla yarjejeniya da irinmu. Mafi yawan masu zuwa mana direbobin manyan motoci ne masu ɗaukar kaya daga Gaundare zuwa Kusuri.

Bayan gwaji takarda biyu ke fita. Ɗaya kundin lafiyar mutum, mai ɗauke da awon jini da na ido da magungunansa, wannan ba ya barin wurina. Ɗayar ta maigida ce, kuma tambaya ɗaya take amsawa: zai iya wannan aikin? Ko dai zai iya, ko zai iya da sharaɗi, ko ba zai iya ba na wani lokaci, ko ba zai iya wannan gurbin ba sam.

A ce direban tirela ne mai ciwon suga, an fara masa allurar insulin. Abin tsoro shi ne sugansa ya faɗi yana kan sitiyari, ido ya rufe. Ga abin da zan rubuta: "Ba zai tuƙa babbar mota ba har wata uku. Zai iya aikin rajistar kaya a gareji, da rana. A dawo da shi a sake dubawa." Da wannan maigida ya san wa zai ba mota, ya san ranar da zai ji sabon hukunci.

Inda sirri ya fi tsiyaya shi ne wajen rubuta sharaɗin. In na ce "a ba shi lokacin yin allura kafin cin abinci", ai na faɗi cutar. Sai in ce "hutun minti talatin a lokaci tsayayye". Haka "zai riƙa karɓar magani duk wata" ya isa ya sa gareji ya ɗauka ƙanjamau ce, gara "rabin yini na ganin likita". Ko hatimin sashen da ya yi gwajin na iya tona mutum, shi ya sa ba na manna sakamako a bayan takardar.

Waya kuwa ba ta fasa shigowa. "Likita, tsakanina da kai, me ke damun yaron nan?" Nakan ce, "Alhaji, tambaye ni ko zai iya dakon buhu, ko tafiyar dare, zan amsa maka." Na san yawancinsu tausayi ne ke sa su tambaya, amma wanda albashinka ke hannunsa bai kamata cutarka ma ta shiga hannunsa ba. In direban ya ga dama ya faɗa da bakinsa, wannan nasa ne. In kuma ya roƙe ni in rubuta cewa zai iya tuƙi alhali akwai haɗari, ba zan rubuta ba. Kafin takardar ta tafi sai na karanta masa ita da Hausa ko Fillanci, tunda da Faransanci ake rubuta ta, shi ma ya riƙe kwafinsa.