Harafi 39 a kan tambaya 40: inda na kai da rubuta amsoshi

'Yan'uwa masu bitar tsofaffin tambayoyi, mako uku ke nan da kuka ɗora mini aikin fitar da haruffan amsa a zaman da muke yi bayan La'asar a Ƙofar Ƙaura. Ga inda aka kwana.

Makon farko na raina aikin. Tambaya 40 ce ta Kimiyyar Halittu, adadin da JAMB ke bayarwa a kowane darasi in ban da Turanci mai 60. Na warware su, na jera haruffan a layi ɗaya ba lamba, na miƙa. Wani ƙanenmu ya duba aikinsa da su, ya dawo rai a ɓace: daga 1 zuwa 12 ya ci goma sha ɗaya, daga 13 zuwa ƙarshe bakwai kacal. "Yaya, ko dai kaina ne ya toshe?" in ji shi. Na ƙirga haruffana, 39 ne.

Ta 13 ce na tsallake. Mai zane ce, tana saman layi na biyu na shafin, na ce zan dawo mata, ban bar mata gurbi ba. Amsoshin gaskiya daga 11 zuwa 15 su ne `B D A C C`, na 16 kuma `B`. Da A ɗin ta faɗi sai nawa ya zama `B D C C B`, kowane harafi ya hau kujerar na gabansa. Ku lura da 14: C ce a gaskiya, C ce kuma a gurɓataccen jerin, don 14 da 15 amsarsu ɗaya. Irin wannan dacen ne ke rufe ɓarnar. Da yake zaɓi huɗu ne, kusan ɗaya cikin huɗu zai riƙa dacewa ko da jerin ya goce, sai mai dubawa ya ɗauka yaron ne bai yi karatu ba. To duk wanda ya fara da kyau sannan makinsa ya rufta wajen rubu'i daga wata lamba, kada a yi saurin yi masa faɗa. A matsar da jerin da gurbi ɗaya a sake gwadawa. Da muka yi wa ƙanen nan haka, bakwai ɗinsa ta koma 22.

Mako na biyu na koma rubuta lambobi tun kafin in karanta tambaya ko ɗaya, biyar-biyar, layi takwas. Wadda na tsallake kuma in ja mata karan ɗori a gurbinta:

```
11-15  B D - C C
16-20  B A D B A
```

Layin da bai cika biyar ba ido na ganinsa nan take. Goma-goma na fara gwadawa, amma sai na sa yatsa ina ƙirgawa, biyar kuwa kallo ɗaya ya isa.

Na ɗauka na gama, ashe da sauran rina a kaba. Ranar Laraba jimilla ta cika 40 cif, kowane layi biyar, amma daga 22 zuwa 26 duk a goce. Na tsallake 22 ban sani ba, na kuma rubuta amsar 27 sau biyu lokacin da na juya shafi, kuskure ɗaya ya biya bashin ɗaya. Ƙirga ba ta kama wannan. Abin da ke kama shi shi ne tsayawa a ƙarshen kowane layin biyar, in ɗora yatsan hagu a kan lambar da aka buga a takardar, in faɗe ta a fili, in ga ko ita ce lambar ƙarshe a layina. Tsayawa takwas ke nan a tambaya 40, da kyar take cin minti biyu. Lambar takarda nake bi, ba ƙirgar kaina ba, domin wasu ƙasidun da ake sayarwa a kasuwa sukan maimaita lamba ko su tsallake ta wajen bugu. In na tarar da haka nakan rubuta a gefe, 31 ta farko da 31 ta biyu.

Wannan makon matsalar ta kunne ce. Wajen karanto wa mutum goma amsa a zaure, ga ƙarar babura a waje, B da D ba sa rabuwa. Yanzu cewa nake B ta Batsari, D ta Daura, kuma ina kiran lambar farkon kowane layi kafin haruffansa. Masu rubutu kuma na roƙe su manyan haruffa, don ƙaramar a da d a hannun mai sauri tagwaye ne.

Asabar mai zuwa za mu taɓa na NECO, inda zaɓi ya kai E. A can dacen da ke ɓoye gocewa zai sauka wajen ɗaya cikin biyar. Kowa ya zo da takardarsa ya riga ya ja layukan ya sa lambobin tun daga gida.