Ƙullin naira ɗari da ya cinye ribar Gwaggo

Gwaggona tana da tebur a wata ƙaramar kasuwa a Kano, tana sayar da kayan miya: manja, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, gishiri da magi. Na zauna da ita ina riƙe mata littafi bayan na gama karatun lissafin kuɗi, kuma a teburinta na koyi abin da ba a koya mana a aji ba. Kayan da ya fi saurin tafiya shi ne ya fi iya ɓoye asara, domin kuɗinsa kullum yana shigowa, mai shi kuwa ba ya tuhumar abin da yake cika masa gwangwani.

Matsalarta ba ta ciniki ba ce. Daga safe har la'asar ba a rasa mutum a gabanta. Amma duk ranar sari, idan za ta je kasuwar Galadima ɗauko jarkar manja, sai kuɗin ya gaza, ta ciko daga na adashi. Ita tana ɗora laifin a kan tsadar mota tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Da gaskiyarta, kuɗin dako ya tashi, amma bai kai girman ramin da take cikewa ba.

A lokacin tana sayen jarka mai lita 25 a kan naira 45,000, dako da ɗan sahu su ci 1,000. Wato jarka tana tsaya mata a 46,000. A takarda jarka tana ba da kwalba 33, amma ita 32 take samu, saboda wanda ke maƙalewa a jikin jarka da mazurari. Tana sayar da kwalba 1,600, sai jarka ta tashi 51,200, riba 5,200. Wannan lissafin ta san shi kamar yunwar cikinta.

Sai kuma ƙulli, wanda ake ɗaurawa a farar leda a sayar naira ɗari. Shi ne mafi arha a teburin, shi ne kuma abin alfaharinta. Ta ce mini, "Ɗan nan, kwalba ɗaya ƙulli goma sha takwas take bayarwa. Dubu ɗaya da ɗari takwas ke nan. Ka ga ai ya fi sayar da kwalba."

Na ce, "Gwaggo, yaushe rabon da ki ƙirga?"

Ta yi shiru. Ta ƙirga ne tun lokacin da ta fara, kuma lokacin ita kaɗai take ƙullawa.

Abin da muka yi ba shi da wuya. Ba mu auna sabon ƙulli ba, don duk wanda ya san ana kallonsa zai tsuke hannu. Muka ɗebo waɗanda aka riga aka ɗaura daren jiya, muka riƙa fasawa muna juyewa a kwalba wofi. A na goma sha huɗu kwalba ta cika har wuya. Ta ce a sake. Muka ɗauko daga wani kwano, aka kuma samun goma sha huɗu.

Kwalba 32 sau ƙulli 14, ƙulli 448 ke nan, kuɗinsu 44,800. Tun kafin a yi maganar komai, jarkar da ta saya 46,000 ta riga ta dawo da giɓin 1,200. Leda tana cin kusan 1,000 a kowace jarka. Ƙulli goma ko fiye suna fashewa a kwano ko a hannun yara, wata 1,000 ɗin. Bashin "Inna ta ce a ba ta, za ta aiko" kuwa ba a rubuta shi, wai don naira ɗari ba ta kai a ɓata biro ba. Da muka bi shi na mako guda, wanda bai dawo ba ya kai 2,000. Jimilla asarar ta haura 5,000. Tana ƙarar da jarka ɗaya a kwalabe, ɗaya a ƙulli kusan kowane mako, don haka ribar wannan tana tafiya daidai cikin asarar wancan. Da ba don daddawa da kuka ba, da tuni tebur ya tashi.

Yadda ƙulli huɗun suka ɓace a kowace kwalba shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai, domin babu wanda ya saci ko ɗigo. Da ludayin miya ake ɗiba, ludayi kuwa ba ma'auni ba ne. Yara biyu ne suke taya ta ƙullawa da daddare, kowacce da nata hannun, kuma ba mai son a ce nata ƙullin ya fi ƙanƙanta. Da sanyin hunturu manja yana daskarewa, sai ya hau ludayi ya yi tozo maimakon ya kwanta daidai baki. Ita kanta Gwaggo, idan ta ga ƙulli ya rame a ido, sai ta ƙara ɗan kaɗan don kunyar masu saye. Wannan hali ne mai kyau, ban taɓa so ta rabu da shi ba. Abin da ya dame ni shi ne tana kyauta ba tare da ta san nawa take bayarwa ba.

Akwai kuma abin da ya sa ƙaramin kaya ya fi shiga wannan tarko. Idan jarka ta ƙara dubu uku, kwalba tana iya tashi daga 1,500 zuwa 1,600, ba wanda zai yi mamaki. Ƙullin ɗari ba ya iya zama ɗari da bakwai. Ko ya tsaya a ɗari, ko ya yi tsalle zuwa ɗari da hamsin, saboda canji. Sai mai kaya ya yi ta jinkiri, sari yana hawa, farashin ƙulli yana nan inda yake. Hanyar da ta rage ita ce a rage abin da ke cikin ledar, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da ma'auni tsayayye.

Shawarar da na fara kawowa ita ce a daina ƙullin gaba ɗaya. Ta ƙi, kuma hujjarta ta fi tawa. Mai sayen manjan ɗari ba ya tafiya da shi kaɗai, yana haɗawa da daddawa da magi da kuka, waɗanda ribarsu ta fi kauri. In ka kore shi, teburin gaba zai koma da cefanensa duka. Ga kuma matan unguwa da ba su da kuɗin kwalba, kullum sai abin da maigida ya samo.

Sai ta kai wa masu ƙira, aka yanko mata ƙaramin ma'auni na gwangwani mai mariƙi, wanda goma sha takwas ɗinsa ke cika kwalba. Ana shanya jarka a rana kafin a ƙulla, don man ya narke ya kwanta daidai. Kuɗin ƙulli ya samu gwangwaninsa daban, na kwalba daban, ba a haɗa su sai an ƙirga. Bashi ko na ɗari ne ana rubutawa, kuma gidan da ya kai ɗari biyar sai ya biya kafin a ƙara masa. Da ƙulli 18, jarka tana tashi 57,600, ko an cire leda da fashewa da ɗan bashin da ba a rasa ba, ana tsira da abin da ya kai 8,000.

An yi ƙorafi, wasu ma sun ƙaurace na ɗan lokaci, suna cewa ƙullin Hajiya ya rame. Ta fito da na ɗari biyu ga mai son da yawa, ma'auni biyu cif. Gyara kuwa ba ta daina ba, sai dai ta mayar da ita kan gishiri, inda ɗan ƙari ba ya taɓa uwar kuɗi. Yanzu duk ranar da ta dawo daga sari da sabon farashi, kafin a sauke jarka a buɗe, sai ta sa an raba kuɗin gida 32, a ga nawa kwalba ta tsaya, sannan a san ko ma'aunin zai ci gaba da aiki ko za a koma wurin maƙeri.