Faifan da ya ce lafiyarsa lau

A ofishin da nake kula wa kwamfutoci akwai wata ƙaramar sabar mai aiki da Linux, a cikinta ake ajiye takardun lissafi da na albashi. Faifai biyu ne a ciki, kowanne terabait 4, an haɗa su a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya sai an rubuta irinsa a ɗayan. Wata Litinin da safe akawunmu ta zo ta ce wani tsohon fayil ya yi ta jan ƙafa kafin ya buɗe, amma dai ya buɗe. Da a da ne, sai in ce mata laifin netwok ne. Amma na taɓa ƙonewa a wani wurin aiki, inda faifai ɗaya ya mutu tsawon watanni ba wanda ya sani, sai da na biyun ya fara tangal-tangal muka farga. Tun daga nan ba na raina irin wannan ƙorafi.

Abu biyu na fara dubawa:

```
cat /proc/mdstat
smartctl -H /dev/sdb
```

Na farkon ya nuna `[UU]`, alamar faifan biyu suna cikin aiki. Da ɗaya ya fita, `[U_]` zan gani. Na biyun, wanda ke tambayar faifai lafiyarsa, ya ce `PASSED` a kan `sdb`, haka ma a kan ɗaya faifan, `sda`. A nan mutane da yawa ke rufe allo su tafi shan shayi, alhali waɗannan amsoshi biyu abin da suke faɗa kaɗan ne. `[UU]` na nufin ba a kori kowa daga haɗin ba tukuna. `PASSED` kuwa hukunci ne da faifai ke yanke wa kansa bisa iyakar da kamfanin da ya ƙera shi ya gindaya, kuma iyakar tana can ƙasa sosai. Faifai na iya tara ɗaruruwan gurabe da suka lalace bai taɓa ta ba.

Sai na buɗe teburin gaba ɗaya da `smartctl -A /dev/sdb`. Layuka ne kusan ashirin, amma idona kan ginshiƙin ƙarshe yake zuwa, `RAW_VALUE`, domin shi ne ainihin ƙidaya. Lamba 5, `Reallocated_Sector_Ct`, sifili ce. Lamba 197, `Current_Pending_Sector`, ta nuna 8.

Bambancin waɗannan biyun shi ne duk abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane. Faifai ya kasu gurbi-gurbi, kuma yana da wasu gurabe na ko-ta-kwana da ya ɓoye. Idan ya zo karanta wani gurbi ya kasa, ba ya sauya shi nan take, saboda bai san abin da ke ciki ba balle ya kwashe. Sai ya sa shi a jerin jira, wannan ita ce 197. Ran da aka sake rubutu a wurin, ɗaya cikin biyu zai faru. In rubutun ya zauna, gurbin ya fita daga jerin, shi ke nan. In bai zauna ba, faifan ya jefar da shi ya ɗauko na ko-ta-kwana, 197 ta sauka, 5 ta hau. Saboda haka 5 tabon ciwon da ya warke ne, 197 kuwa bayanan da a yanzu haka wannan faifan ba ya iya karantawa.

Ban yanke masa hukunci a ranar ba. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya barin gurbi a jerin jira alhali jikin faifan lafiya lau, mu kuwa batirin injinmu na riƙe wuta ya tsufa. Na fara sabunta kwafin ajiya a faifan waje, sannan da yamma na sa RAID ya bi ko'ina ya karanta:

```
echo check > /sys/block/md0/md/sync_action
```

Amfanin wannan shi ne, in ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa a faifai ɗaya, sai ya ɗauko daga ɗayan ya sake rubutawa a wurin. Ya kwana yana yi, don terabait 4 a gudun megabait 150 cikin daƙiƙa ya haura awa bakwai. Da safe 197 ta koma sifili, 5 ta zama 8. Ke nan ba wuta ba ce, wurin ne ya lalace da gaske. Na rubuta lambobin da kwanan wata a littafina. Bayan kwana goma sha biyu, 197 ta dawo da 16, kuma lamba 187, `Reported_Uncorrect`, ta tashi daga inda na bar ta. Gwajin `smartctl -t long` ya tsaya a hanya da `Completed: read failure`. Har lokacin `-H` na cewa `PASSED`.

Oga ya ce, "Malam, abin da ke aiki me ya sa za mu kashe masa kuɗi?" Na nuna masa littafin, layi uku, kwana uku daban-daban, lamba na hawa. Na kuma faɗa masa binciken da Google ta fitar a 2007 kan faifai sama da dubu ɗari: wanda ya fara samun kuskure a binciken samansa, yiwuwar ya mutu cikin kwana 60 ta ninka ta sauran sau 39. Ban ɓoye masa ɗaya ɓangaren ba, cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ko kaɗan ba a SMART, wato waɗannan lambobin lafiya da `smartctl` ke karantawa. Ya sa hannu.

Kafin sabon ya iso na yi wa `sda` dogon gwaji shi ma, domin rana ɗaya aka sayo su, kowanne ya haura awa 31,000 yana juyi. In ka zare mara lafiyan ka sa sabo, duk nauyin karatu kan wanda ya rage zai koma, kuma gurbi ɗaya da ya ƙi karantuwa a lokacin ba shi da madadi. Ya fito da `Completed without error`. Duk da haka ban zare komai ba. Na jona sabon a mazauni na uku, na ware masa ɓangare daidai da girman na tsohon, sannan:

```
mdadm /dev/md0 --add /dev/sdc1
mdadm /dev/md0 --replace /dev/sdb1 --with /dev/sdc1
```

Ta haka tsohon na nan cikin haɗin har a gama kwafa, sai a ƙarshe a yi masa alamar ya fita.

Wani abu da ya taɓa sa ni asara: na taɓa sauya faifai lafiyayye saboda lamba 199, `UDMA_CRC_Error_Count`, tana hawa, ashe wayar SATA ce ta saki. Haka kuma faifan Seagate kan nuna miliyoyi a lamba 1, wannan salon ƙidayarsu ne, ba ciwo ba.

Da na zo cire tsohon, na buɗe akwatin na tarar da tagwaye, ba wanda aka rubuta wa `sdb` a goshi, kuma waɗannan sunaye na iya sauyawa in an sake kunna na'ura. Na koma na ɗauko lambar jikinsa da `smartctl -i`, na haska tocilan waya na karanta takardar da ke manne a kowanne. Wanda hannuna ya fara kaiwa gare shi, `sda` ne.