Inda ka ajiye almost da only a Turancinka

Shekaranjiya da daddare ɗan ƙanina ya miƙo mini wayarsa, wai in duba masa lissafi kafin ya tura wa maigidansa da ke Legas. An ba shi kuɗi ya biya masu kawo albasa su 20, ya biya 18. Lissafin ba shi da aibu, amma a ƙarƙashinsa ya rubuta "I almost paid all the traders." Na ce masa, "Kai, ka san ka gaya wa mutumin nan ba ka biya kowa ba?" Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai zai gane." Ni ma haka na ce a lokacina.

Ina magatakardan wata ƙungiyar manoma, aka yi ruwa da iska cikin dare, kwanon sito ya yaye. Buhun takin zamani 200 ne a ciki, yuriya kuwa ba ta shiri da ruwa. Da gari ya waye, wasu buhunan sun narke, wasu sun dunƙule, 20 kacal muka tsira da su. Na zauna na rubuta wa ofishin da ya ba mu bashin takin: "We almost lost all the bags." A zuciyata cewa nake yi mun yi asarar kusan duka. Su kuma abin da suka karanta shi ne saura kaɗan mu yi asara, Allah ya kiyaye. Ba su turo kowa ya duba ba. Da kaka ta yi suka zo karɓar kuɗin buhu 200, ga takardata a hannunsu, da sa hannuna. Daidan shi ne "We lost almost all the bags."

Laifina ne, ban musa ba. Amma wa ya taɓa koya mana? Hausa ta raba abin gida biyu. Akwai "saura kaɗan in faɗi", wato ban faɗi ba, akwai "kusan duka sun faɗi", wato an faɗi ɗin, 'yan kaɗan suka rage. Turanci ya haɗa su a almost, ya bar wa mazaunin kalmar aikin rarrabewa. In ta zo gaban aikatau, aikin bai auku ba. In ta zo gaban adadi, aikin ya auku, adadin ne bai cika ba. Su ma 'yan ofishin, da sun ɗaga ƙafa sun zo sun ga sito babu rufi, ai da magana ta ƙare. Duk da haka ni na rubuta, ni kuma aka riƙa nunawa da baki a kasuwa ana cewa ga wanda ya ci takin jama'a.

Na so in jero muku dokoki, sai na ga ɗaya ce: ka manna kalmar a gaban abin da kake nufi da ita. A nan muke tuntuɓe da only, domin "kawai" da "kaɗai" bayan kalma suke zuwa, ita kuwa yawanci gaba take shiga. "Only Musa signed the receipt", Musa kaɗai ne ya sa hannu. "Musa signed only the receipt", rasit ɗin kawai ya sa wa hannu, ban da sauran takardu. "Musa only signed the receipt" kuwa ana iya ɗaukarsa sa hannu kawai ya yi, bai taɓa kuɗin ba. Ranar da kuɗi ya ɓace za ka san bambancin. Even ma haka: "Even the manager did not read it" har manaja bai karanta ba, balle na ƙasa da shi, alhali "The manager did not even read it" ko karantawa bai yi ba, wannan kuwa zargi ne kai tsaye.

Kada kuma wani ya je yana gyara wa mutane magana a bakin titi. Turawan da kansu suna cewa "I only have two", babu mai ruɗewa, don a baki murya ce ke danna kalmar da ake nufi. Takarda ba ta da murya. To, na ce doka ɗaya ce, yanzu kuma na ce a hira ku bar ta. Ku riƙe duka biyun, in dai akwai kuɗi ko sa hannu a zancen ku bi ta farko.

Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne gaggawa. Yatsa na kan maɓallin turawa tun jimla ba ta ƙare ba. Ka mayar da abin da ka rubuta Hausa a zuciyarka mana, ka ji ko "saura kaɗan" ya fito ko "kusan duka". In kuma maigidanka yana jin Hausa, wa ya aike ka da Turanci? Rubuta masa "na biya 18, saura 2", ka je ka kwanta.