Yau na zama shaida a rajistirin aure

Sai yanzu na samu na zauna, ƙafafuna har sun kumbura saboda takalmin nan da na ƙi jin magana na saka. Bari in rubuta tun ban manta ba, don abin da ya kai mu ɗin duka-duka bai wuce minti 15 ba, amma ni ya tsaya min a rai.

Auta da mijinta ne suka yi auren rajistiri yau, wanda mutane ke cewa auren kotu duk da ba a kotu ake yi ba, ofis ne kawai mai tebur da fanka. Su dai an ɗaura musu aure tun shekara 2 da suka wuce a ƙofar gidanmu, da waliyyi da sadaki da goro da komai, wannan ɗin na takarda ne saboda tafiyar karatun da za su yi. Mu 6 ne a ɗakin gaba ɗaya: su biyu, ni da wan mijin a matsayin shaidu, Gwaggo da ta ce sai ta ga da idonta, sai jami'ar da ta yi auren. Doka shaidu 2 kawai take nema, kuma a yi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ƙofa a buɗe. Gwaggo na shiga ta ja ƙofa za ta rufe, wai kada 'yan kallo su leƙo, jami'ar ta ce a'a Mama a bar ta haka, in an rufe an saɓa ƙa'ida.

Da farko ma su ɗauka suka yi abu ne na zuwa yau a gama yau. Ashe sai ka cike fom na sanarwa tukuna, a rubuta a littafi, a liƙa a ofishin kowa ya gani har kwana 21, ko akwai mai cewa bai yarda ba. In kwanakin sun cika ba wanda ya yi magana, sai a yi rantsuwa a kan 'yan abubuwa: ɗayanku ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, kowa ya kai shekara 21 ko yana da izinin iyaye a rubuce, babu dangantakar da ta hana, kuma babu wanda ke da wani aure da wani daban. Sannan dole a yi auren cikin wata 3 daga ranar sanarwar, in ya wuce an koma farko. Wannan na ƙarshen ne ya sa muka yi yau Talata tsakiyar mako, don mijin ya yi ta ɗagawa har saura kwana 9.

To, maganar da za a faɗa. Jiya da dare Auta ta turo min shafi ɗaya da rabi, wai alkawarin da za ta karanta masa kenan. Ta kalli bidiyon bukukuwa a waya ta ga amare na karanta doguwar takarda ana kuka. Na karanta na yi dariya har da hawaye, akwai wata da taurari, akwai teku, yarinyar da ko Legas ba ta taɓa zuwa ba. Na ce mata ke Auta, a gaban wan mijinki za ki faɗi wannan? Ta yi shiru. Muka zauna a waya muna yankewa har sha biyun dare. Abin da na ce mata shi ne duk jimlar da za ki iya faɗa wa wani namiji daban ta zauna daidai, cire ta. Da haka teku ya tafi, taurari suka bi shi. Sauran jimla 3, ta rubuta a bayan katin waya.

Abin da ba mu sani ba sai yau, wannan da muka sha wahala a kai ba shi ne auren ba sam. Kalmomin da ke ɗaura auren suna cikin dokar aure ta ƙasa, wadda asalinta tun 1914 ne, kuma ba a canza su don wani ya fi iya tsara magana. Kashi uku ne. Jami'ar ta fara da tambaya, ta kira cikakken sunan kowa ta ce shin na fahimci cewa kun zo nan ne don ku zama miji da mata? Suka ce e. Sai ta yi musu gargaɗi, shi ne mafi tsawo. Sannan kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa jimla ɗaya tak, ma'anarta: ina kira ga duk waɗanda ke nan su shaida cewa ni wane na ɗauke ki wance ki zama matata bisa doka. Ita ma ta mayar masa. Shi kenan fa. Babu zan so ka har abada, babu cikin daɗi da wuya, wancan na coci ne mutane ke haɗawa da wannan.

Da Turanci aka fara, Gwaggo ta zungure ni ta ce me take cewa. Jami'ar ta ji, ta ce ai doka ta yarda a yi da tafinta, kuma ita tana jin Hausa, bari ta maimaita gargaɗin yadda kowa zai ji. Wallahi nan ne ɗakin ya yi tsit. Ta ce ku sani, da kun karɓi juna a gabana da gaban mutanen nan kuka sa hannu, kun zama ma'aurata a doka ko da ba a ƙara yin wani biki na addini ko na al'ada ba. Auren nan ba ya mutuwa muddin kuna raye sai da hukuncin kotu. Kuma duk wanda a cikinku ya ƙulla wani aure alhali wannan na nan, ya yi laifi, akwai hukunci a kansa.

Gwaggo ta ce, wato ba kishiya? Jami'ar ta ce ba kishiya Mama. Gwaggo ta ce to in ya ce na sake ki fa? Ta ce a wajen wannan takardar bai saku ba sai babbar kotu ta raba. Wan mijin ya gyara hula, ya kalli ƙaninsa, irin kallon nan na ka dai ji ko. Ni na san sun riga sun yi maganar a gida, har lauya suka tambaya, shi ya gaya musu cewa wanda ya yi auren rajistiri sannan ya je ya ƙara aure ta hanyar al'ada dokar ta yanka masa ɗaurin shekara 5, kuma ko rabuwar ma ba a shigar da ƙara cikin shekara 2 na farko sai da izinin kotu. Ya kuma ce musu abin da ya sa nasu ya yiwu shi ne su ɗin dai ne suka auri juna tun farko, da yana da wata matar daban da wannan auren bai ɗauru ba. Amma ji daga bakin lauya a falo daban, ji a tsaye ana kallonka daban. Ni a ganina gara da ta maimaita da Hausa. Mutane da yawa suna zuwa neman satifiket ne kawai don biza, a karanto musu wannan da sauri da Turanci su ce e, sai bayan shekaru a zo ana rigima.

Mijin ya faɗi tasa jimlar lafiya lau, murya a sama kamar mai kiran salla. Da aka zo kan Auta ne aka samu matsala, kuma ni ban taɓa kawo wannan a raina ba duk shirin da muka yi. Dole ta faɗi sunansa cikakke, da na mahaifinsa. Yarinyar da shekara 2 ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a wayarta ba sunan ba ne a rubuce, ga wansa a tsaye, ga Gwaggo. A ɗaurin aurenmu na gida amarya ko wajen ba ta zuwa, tana can ƙuryar ɗaki da ƙawaye, waliyyi ne ke bayarwa wakili ya karɓa. Nan kuwa ba wakilci, bakinki ne. Ta fara da kyau, ina kira ga duk waɗanda ke nan, tana zuwa kan sunan sai murya ta shige cikin mayafi. Jami'ar ta juyo ta tambaye ni, shaida kin ji? Na so in rufa mata asiri in ce na ji amma gaskiya ban ji ba, na ce ban ji ba. Harara ta da Auta ta yi kuwa, hmm. Jami'ar ta ce to a sake, shaidun nan hannu za su sa cewa sun ji. Wan mijin, Allah ya saka masa, ya juya ya fuskanci taga kamar yana duba wani abu a waje, sannan ta iya faɗa. Sau ɗaya, da sauri, amma ya fito.

Bayan nan ne jami'ar ta ce in akwai mai son ƙara wata magana tasa ta ba shi minti ɗaya, akwai wasu a layi. Da shafi ɗaya da rabin nan ne da ko rabi ba a kai ba. Auta ta ciro katinta ta karanta: "Shekara 2 ban kwana da yunwa a gidanka ba, ban kwana da kuka saboda kai ba. Inda za mu ba mu da kowa sai juna. Na yi alkawari in abu ya dame ni kai zan fara gaya wa." Ni da na taya ta yankewa, na san kowace kalma, amma sai ga ni ina neman bakin gyale. Shi bai shirya komai ba, ya sosa ƙeya ya ce na ji abin da aka karanta, na kuma yarda da shi da sanina, amanar da aka ba ni a ƙofar gidanku tana nan. Gwaggo ta ce madalla, ta ɗan yi guɗa ƙasa-ƙasa, jami'ar ta yi murmushi ba ta hana ba.

Sai sa hannu. Satifiket ɗin kofi 2 ne, ɗaya a ba su ɗaya ya zauna a ofis, kuma kowa sai ya sa hannu, su biyu, mu shaidu, da ita. Kafin a sa na ce a ba ni in duba, na ɗora shi kusa da fasfonsu ina bi harafi-harafi, ai kuwa sunan mahaifin mijin an rubuta shi da harafi ɗaya inda fasfo ke da biyu. Ƙaramin abu, amma takardar da za a kai ofishin jakadanci ce. Aka gyara kafin kowa ya taɓa biro, shi ya ci mana wajen minti 20, ya fi auren kansa daɗewa.

Mun fito wajen sha ɗaya da rabi. Ba hoto sai wanda wani mai jiran layi ya ɗauke mu da wayata, ya yanke kan wan mijin. Muka tsaya muka sayi tsire da lemo muka ci a mota. A hanya Gwaggo ta yi ta maimaita wa kanta ba kishiya, ba kishiya, can ta ce da an kawo wannan takarda a zamaninmu da kawunku bai shiga ofishin nan ba ko da ɗaure shi aka yi. Auta har yanzu ba ta kula ni saboda na ce ban ji ba. Satifiket ɗin yana jakata, gobe in Allah ya kai mu zan yi musu fotokofi guda 4 in kai musu.